Bazazzagi Ya Zo Neman Bashi a Singa

(Kasuwar Singa, Kano, da hantsi. Alhaji Bakano, dilan kayan masarufi, yana zaune a ƙofar sito, akawunsa na gefe da littafi. Sai ga Bazazzagi cikin babbar riga mai sitaci, yana ta zuba ƙamshi.)

BAZAZZAGI: Salamu alaikum, bawana! Ubangidanka ya iso.

ALHAJI: Wa alaikumus salam. Akawu, rufe durowar kuɗi, Zagezagi sun shigo gari. Me ke tafe da kai?

BAZAZZAGI: Alheri. Ina da kantin kayan masarufi a Sabon Garin Zariya. So nake in riƙa ɗaukar kaya a nan, in na sayar in kawo kuɗi. Taliya katon 200, sukari buhu 50, sai sabulu abin da ya samu.

ALHAJI: Daga gaisuwa sai tirela? Shekarar kantin nawa?

BAZAZZAGI: Har da lokacin da nake tunanin buɗe shi?

ALHAJI: Akawu, karanta masa.

AKAWU: Muna son sunan kanti da adireshinsa, takardar rajistar kasuwanci ta hukumar CAC, katin NIN, rasit ɗin hayar shago, da bayanan asusun banki na wata 6.

BAZAZZAGI: Asusun banki kuma? Aurena za ku yi?

AKAWU: A nan ake ganin ciniki, Malam. Wanda kuɗin da ke shiga asusunsa a wata bai wuce naira 400,000 ba, in aka ba shi kayan miliyan 3, an haɗa shi da wahala, mu ma mun haɗa kanmu da ita.

ALHAJI: Kuma ba a fara mu'amala da bashi. Ka saya kuɗi hannu sau uku tukuna, mu ga irin kayan da ke tafiya a wajenka. Daga nan in buɗe maka shafi: kayan naira 300,000, wa'adin kwana 14. Ka kawo kuɗin tsohon kaya, ka ɗauki sabo. In ka cika alkawari na wata uku, in ƙara maka yawan kayan. In ka saɓa, shafi ya rufu.

BAZAZZAGI: Kwana 14! Ko zaman makoki ana kai arba'in.

ALHAJI: Ni ma kamfani bai ba ni arba'in ba. Yanzu su wa suka san ka?

BAZAZZAGI: Ai kuwa na zo da su a rubuce. Na ɗaya, surukata.

ALHAJI: Tana sayar da sukari?

BAZAZZAGI: Tana dai sha.

ALHAJI: Goge ta. Dangi ba sa shaidar ciniki.

BAZAZZAGI: Na biyu, limamin unguwarmu. Sahun farko nake tsayawa.

ALHAJI: Allah Ya karɓa. Liman ya san lokacin da kake zuwa salla, ni lokacin da kake zuwa biya nake nema. Ka kawo ɗan kasuwar da ya taɓa ba ka kaya bashi ka biya. Biyu nake so, sannan mutum ɗaya a kasuwar nan da zai tsaya maka, ya sa hannu cewa in ka ɓace shi zai biya.

BAZAZZAGI: To ga lambar tsohon dilana. Kira shi ka sha labari.

(Akawu ya kira, ya sa wayar a sifika.)

ALHAJI: Alhaji, barka da kasuwa. Wani Bazazzagi ne ya ba da sunanka. Tambaya uku ce. Tun yaushe kuke hulɗa?

TSOHON DILA: Shekara biyu! Mutumin kirki, ɗan albarka! Ba shi kaya, Alhaji!

ALHAJI: Nawa ne mafi yawan abin da ya taɓa ɗauka a wajenka?

TSOHON DILA: Na naira 800,000. Kai ka ba shi na miliyan, ka ƙara masa da madara!

BAZAZZAGI: Ka ji ko? Ƙara murya, Akawu.

ALHAJI: Yana biya a kan lokaci?

TSOHON DILA: Ka ce me? Sabis ba kyau...

ALHAJI: Na ce yana biya? Kuma tunda ɗan albarka ne, me ya hana kai ka ci gaba da ba shi?

TSOHON DILA: Alhaji, tsakani da Allah, in ba ka ba shi kaya ya sayar ba, da me zai biya ni 500,000 ɗina?

BAZAZZAGI: Rage murya, Akawu.

ALHAJI: Wato da sukarina za a biya bashin wani. Akawu, me ka rubuta?

AKAWU: Shaida ɗaya, ita ma tana bin sa.

BAZAZZAGI: Amma dai ya ce ɗan albarka ne ni, a rubuta wannan ma.

ALHAJI: Je ka sallame shi, ka kawo mini rasit. Kafin nan, kuɗi hannu sau uku, kamar kowa.

BAZAZZAGI: Sau uku dai ka ce, ba ka faɗi yawa ba?

ALHAJI: Ban faɗa ba.

BAZAZZAGI: To Akawu, kawo sabulu sanda uku, ka yanka rasit uku. Riƙe mini hular nan, zan fita in shigo, in fita in shigo.