Idan ta kai ƙara, wa ake ɗagawa daga ofis?

A ɗauka wata ma'aikaciya ce a wata ƙungiya mai hedikwata a cikin garin Sakkwato da rassa a ƙananan hukumomi. Kwantiraginta na wata shida-shida ne, kuma shugaban sashenta ne ke sa hannu kafin a sabunta shi. Wata uku ke nan yana turo mata saƙo bayan isha'i, yana tsayar da ita a ofis bayan an tashi, har ranar da ya faɗa mata ƙarara cewa sabunta takardarta yana hannunta, in dai ta gane. Ranar Litinin ta rubuta koke. Kafin a yi mako biyu takardar sauyin wurin aiki ta fito, an mayar da ita reshen Sabon Birni, wai don a raba ta da shi hankalinta ya kwanta. Shi kuwa yana nan a kan kujerarsa.

Duk wanda ya san halin da hanyar gabashin jihar nan take ciki ya san abin da wannan takarda ke nufi, sauran matan ofishin ma sun karanta ta sun fahimta. A ganina, a nan ake gane ko ƙa'idar hana cin zarafi da wata ma'aikata ta rubuta tana aiki. Kusan kowace ƙa'ida tana cewa an haramta neman lalata da tsangwama. Abin dubawa shi ne me ke samun mai koke daga ranar da ta buɗe baki zuwa shekara guda.

Doka ba ta bar ma'aikatu kara zube ba. Gyaran da aka yi wa kundin tsarin mulki a 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar cin zarafi na neman lalata a wurin aiki, a sashe na 254C, kuma kotun tana da reshe a nan Sakkwato. A 2013 wannan kotu, a zamanta na Legas, ta yanke hukunci a ƙarar da wata ma'aikaciya ta shigar kan kamfanin Microsoft na Najeriya. Kotun ta gamsu cewa an sallame ta ne saboda ta ƙi amincewa da buƙatar shugabanta, ta kuma ɗora wa kamfanin alhaki tare da shi, duk da cewa yana da rubutacciyar ƙa'ida. Jihar Sakkwato ta samu tata dokar hana cin zarafin jama'a a 2021, Najeriya kuma ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2022, wadda ta ambaci kare masu koke da shaidu daga ramuwar gayya. Amma kotu tana zuwa ne bayan ɓarna ta afku. Abin da zai tsare aikin matar nan a makon farko shi ne tsarin cikin gida.

To, yaya ya kamata a bi da kokenta? Farko, ya zama akwai ƙofa fiye da ɗaya. Ƙa'idar da ta ce a kai koke ga shugaban sashe ta rufe hanya ga wadda shugaban sashen ne damuwarta. Sai a samu jami'in kula da ma'aikata, da wata babbar ma'aikaciya da aka ware don wannan, da kuma wani a hukumar gudanarwa wanda ba ya ƙarƙashin shugaban ofis. Wanda ya karɓi koken ya rubuta shi ko da da baki aka kawo, ya karanta mata, ta sa hannu, ya ba ta shaidar karɓa mai kwanan wata. Wannan ƙaramar takarda tana da nauyi sosai, domin da ita za a auna duk abin da ya biyo baya: an sauya mata wuri kafin koke ne ko bayansa?

Mataki na biyu shi ne wanda aka fi kuskurewa, wato abin da ake yi kafin a gama bincike. Raba su ya dace, amma nauyin rabuwar kada ya faɗa kanta. A cire ta daga ƙarƙashin ikonsa a ba wani shugaba, a karɓe masa sa hannu a kan kwantiraginta da hutunta da takardar auna ƙwazonta. In zargin mai nauyi ne, ko ana tsoron zai taɓa shaidu, shi ake ba hutu da albashinsa, a rubuta masa cewa wannan ba hukunci ba ne. Ita kuwa ba a ɗaga ta sai in ita ta nema, a rubuce, tare da damar komawa. Da an bi wannan, takardar Sabon Birni ba za ta fito ba.

Sai binciken kansa. Masu yin sa su zama mutum biyu ko uku, da mace a ciki, kuma babu wanda ke cin abinci a ƙarƙashin wanda ake zargi ko yake da dangantaka da shi. A gari irin namu wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin in ba surukinsa ba ne, to sun yi makaranta tare ko masallacinsu ɗaya. Inda aka rasa mai tsaka-tsaki a cikin gida, gara a ɗauko lauya ko wani dattijon ma'aikaci daga waje. Su fara da ita, su nemi ranaku da wurare da ainihin kalmomin da aka faɗa. Saƙonnin WhatsApp a duba su a wayar kanta, a ga lamba da lokaci da abin da ya gabata da abin da ya biyo, domin hoton saƙo guda yana iya ɓoye rabin zance. A karɓi rajistar shiga da fita da jadawalin aiki tun kafin labari ya bazu. Daga nan a ba shi takardar tuhuma wadda ta fayyace abin da ake zarginsa da shi, rana kaza, wuri kaza, a ba shi lokacin amsawa da damar kawo nasa shaidun. Wannan haƙƙinsa ne, kuma kariya ce gare ta ita ma, tunda hukuncin da aka yanke ba tare da an ji ta bakinsa ba yana iya rushewa a kotu, ya dawo ofis da ƙarfinsa. Shaidu kuma ɗai-ɗai ake ganinsu. Ba a haɗa ta da shi a ɗaki guda a ce kowa ya maimaita a gaban ɗan'uwansa.

Galibi babu wanda ya gani da ido, kuma a nan kwamitoci da yawa ke ajiye alƙalami su ce maganarta ce da tasa. Kwamitin ofis ba kotun laifi ba ne, abin da ake nema gare shi shi ne ya ga inda hujja ta fi rinjaye. A misalinmu, saƙonnin dare suna nan. Rajista ta nuna su biyu ne suka fita ƙarshe a ranakun da ta ambata. Wata abokiyar aiki ta ce ta same ta tana kuka a ranar, ta kuma gaya mata dalili tun lokacin. Shi ya ce zancen aiki ne, amma saƙonnin ba su ambaci aiki ba. Waɗannan in an haɗa su sun isa a ce zargi ya tabbata. Jinkirin wata uku da ta yi bai rage komai ba, domin wadda abincinta ke hannun mutum takan daɗe tana lissafi kafin ta yi magana.

Akwai kuma bambancin da nake so kowace ƙa'ida ta rubuta ɓaro-ɓaro: koken da bai tabbata ba daban, ƙaryar da aka shirya da gangan daban. Wanda aka kama ya ƙirƙiro saƙo don ya ɓata sunan wani ya cancanci hukunci, ƙazafi ba abin wasa ba ne a addini ko a doka. Amma in aka hukunta mutum don kawai hujjarsa ba ta kai ba, an gaya wa kowa ke nan ya yi shiru sai in yana da bidiyo.

Na san abin da za a ce. Mu mutane ne masu son rufin asiri, kuma wani dattijo a ofis zai kira ta gefe ya ce, "Ɗiyata, ki yi haƙuri, mutumin nan yana da iyali, ke ma sunanki ne zai shiga bakin duniya." Ba na raina wannan magana, domin tsoron da ke cikinta gaskiya ne, mace mai aure tana iya rasa aikin daga gida ma in zance ya fita. Shi ya sa sirri ya zama sharaɗin bincike, fayil ya tsaya hannun waɗanda ya shafa kawai, kuma wanda ya fitar da zance a hukunta shi. Sulhu kuma yana da wurinsa, kamar a maganar banza da aka yi sau ɗaya tsakanin ma'aikata masu matsayi ɗaya, in mai koken ce ta zaɓa. Inda shugaba ya ɗaura abincin mutum da buƙatarsa, sulhu yana mayar da ita hannunsa ne, yana kuma barin ta gaba da za a ɗauka aiki ba ta san komai ba.

Bi-ta-da-ƙulli ba kasafai yake zuwa da sunansa ba. Kwantiragi ne zai ƙare a ce babu kuɗi, ko a daina kiranta taro, ko makin ƙwazonta ya faɗi. Tambaya uku ke tona shi. Yaushe abin ya faru in an auna da ranar koke? Me fayil ɗinta yake cewa kafin ranar? Yaya aka yi da sauran da ke matsayinta? In shekara biyu ana yaba aikinta, takardar tuhuma ta farko ta zo mako uku bayan koke, aka kuma sabunta wa abokan aikinta biyar aka bar ta, to ma'aikatar ce ya kamata ta kawo bayani. Don haka nake ganin duk wani sauyi a aikin mai koke da shaidunta, na tsawon shekara guda, ya bi ta hannun wani babba da ba ya cikin rigimar, a kuma riƙa tuntuɓarta bayan wata ɗaya, da wata uku, da wata shida. Ramuwa laifi ce mai zaman kanta ko da koken farko bai tabbata ba.

Duk wannan yana da iyaka. A ƙaramin asibiti ko makarantar kuɗi inda mai wurin shi ne wanda ake zargi, babu kwamitin da zai bincike shi, sai dai ƙungiyar ƙwadago in akwai, ko lauya da Kotun Ma'aikata. In kuwa abin ya kai ga taɓa jiki da ƙarfi ko fyaɗe, ya wuce ofis. Cibiyar Nana Khadija da ke Asibitin Ƙwararru na Sakkwato tana karɓar irin waɗannan, kuma zuwa da wuri yana da amfani ga magani da kuma hujja. Ita dai mai koke, tun daga ranar farko ta ajiye kwafin kokenta da shaidar karɓa da takardun yabon aikinta a gida, domin ranar da aka karɓe mata makullin ofis ba za ta sake ganin fayil ɗinta ba.