Buhu Goma Sha Bakwai da Suka Hana Ni Cin Abincin Rana

Duk ranar Asabar bayan Azahar nake zama in rubuta wa Injiniya rahoton mako. Ni ne mai kula da sito a wani ginin bene da ake yi a Tumfure, nan Gombe, kuma ma'aikata sun manta sunana na yanka, Malam Sito kawai suke ce mini. Lissafin ba wuya: abin da ya kwana daga wancan makon, a haɗa da abin da aka kawo, a cire abin da aka fitar, sai a shiga ɗaki a ƙirga da ido. Idan littafi da ido suka yarda da juna, in tafi gida da nauyina. Asabar ɗin da ta wuce ba su yarda ba.

Siminti buhu 140 na kwana da shi. Ranar Talata mota ta kawo 300 na Ashaka, tan goma sha biyar ke nan tunda kowane buhu kilo 50 ne. Jimla 440. Littafina ya ce na fitar da 212, don haka 228 ya kamata in tarar. Goma-goma muke jerawa a kan katako, saboda in jeri ya yi tsayi da yawa na ƙasa dannewa yake yi ya dunƙule. Na ƙirga jeri ashirin da ɗaya da buhu ɗaya tilo, wato 211. Na sake ƙirgawa daga hagu, na sake daga dama, har na bi da tafin hannu ina shafa kowane buhu kamar mai tayin rago. Goma sha bakwai dai babu su. Shinkafa da waken da na saya tana gefe, ban ko buɗe ledar ba.

Nan take zuciyata ta tafi kan Baba Maigadi. Ba don na taɓa kama shi da komai ba, sai don a wurin gini in allura ta ɓace maigadi ake fara kallo. Na same shi a gindin maina yana jan carbi, na gaishe shi, na ɗan kewaya, sannan na ce, "Baba, ko kun ji wani motsi da dare a makon nan? Siminti ya yi ƙafa."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ɗan nan, makullin yana hannunka ko yana hannuna?"

Na ce yana hannuna. Ya ce, "To." Ya ci gaba da carbinsa. Wannan "to" ɗin ta fi mari zafi.

Na koma na yi abin da ya kamata in fara yi tun farko. Dokata ita ce duk birkilan da ya karɓi siminti sai ya dawo mini da buhun da ya zazzage, ina ɗaure su ashirin-ashirin, in kwashe su duk ƙarshen mako. Ana yi mini dariya a kan haka, wai ina tara shara, amma sharar nan ta fi wasu mutane gaskiya. Na ƙirga ɗauri goma sha ɗaya cif, wato 220. Littafi ya ce 212. Ashe buhu takwas sun shiga gini ba su biya ta littafi ba. Na kira Foman, ya ce, "Haba Malam Sito, ran Laraba da ka tafi sunan ɗan ƙanenka ba ni ka bar wa makulli ba? Takwas muka ɗiba muka zuba lintal, kuma na rubuta." Na ce a ina? Ya ja ni bayan ƙofar sito. Ga shi nan kuwa a jikin bango, da gawayi, kara takwas a jere kamar lissafin mai fura. Na je na duba lintal ɗin, yana nan a cikin katakonsa. Saura tara.

Sai na tuna ranar Talata. Hadari ya haɗo daga gabas lokacin da ake sauke motar, direba yana ta danna ham, ni kuma ina ta ihu a yi sauri kada kaya ya jiƙe. Ya miƙo webil, takardar shaidar kawo kaya, na ga 300, na rattaba hannu ba tare da na ƙirga ba. Wannan shi ne babban zunubi a sana'armu, kuma ni ne nake yi wa yara wa'azi a kai. Na kira shugaban 'yan sauke kaya a waya, don su da buhu ake biyansu, ba su taɓa kuskuren ƙirga. Ya ce, "296 muka sauke, yallaɓai. Huɗu sun fashe, direba ya ce zai koma da su a canzo. Ai a gabanka ya faɗa." Wataƙila ya faɗa, ni dai ham nake ji. Ga shi na sa hannu cewa na karɓi 300, ban rubuta ko kalma ɗaya a jikin takardar ba. Saura biyar.

Na zauna a bencina na bakin ƙofa na dafe kai. Benci ne mai daɗi, ran Alhamis yaron da ke taya ni ya haɗa mini shi, ya shimfiɗa tabarma a kai, har na sa masa albarka. Ina cikin tunani na buga diddige a jikinsa, sai na ji abin ba katako ba ne. Na ɗaga tabarma. Buhu uku ne, sun sandare kamar dutse. Yaron ya ce a jerin da ke manne da bango ya same su, daidai inda kwano yake ɗiga, ya ga ba su da amfani, shi ne ya ce bari ya yi wa oga kujera. Kwana uku ina zaune a kan asarar. Kuma ita ce asara ta gaske a cikin duka, domin simintin da ya sha ruwa ya daskare, ko an farfasa shi an tankaɗe ba zai ƙara riƙe bulo ba. Ni ne kuma na bari aka jingina jerin da bango ranar hadarin.

Saura biyu, kuma biyun nan sun ƙi fitowa. Babu buhunsu a ɗauri, babu su a bango, babu su a ƙarƙashina, don na duba. Da La'asar Injiniya ya iso, na karanta masa rahoton: takwas sun shiga lintal, huɗu ana bin mai kawo kaya, uku sun lalace. Da na zo kan biyun sai na gyara murya na ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan kam sai dai a binciki masu kwana a nan." Baba yana tsaye a bayansa, bai ce uffan ba.

Ban rufe baki ba sai ga ƙarar baro. Yaron birkilan da ke gini a kangon da ke maƙwabtaka da mu ne, ya turo buhu biyu har gaban Injiniya, ya share gumi, ya ce, "Malam Sito, oga ya ce an gode, ga aron ran Litinin."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Na ba da aron, kuma na rubuta, wallahi na rubuta. A tafin hannuna na rubuta da biro, da niyyar in kwafe a littafi, sai aka kira sallah na je na yi alwala.

Injiniya ya kalle ni, ya kalli baro. Baba ya matso a hankali, ya leƙa littafin da ke hannuna, ya ce, "Ɗan nan, rubuta su yanzu. An kusa kiran Magariba."