Harsunan da marubuta ke ƙirƙira: a jam'in kalma ake gane mai nahawu

Duk lokacin da aka ce wani marubucin ƙagaggen labari ya ƙirƙiri harshe sukutum domin littafinsa, abin da nake fara nema shi ne kalma ɗaya da ta fito sau biyu, sau ɗaya a tilo, sau ɗaya a jam'i. Yawan kalmomin ƙamus ɗin da aka liƙa a bayan littafi bai dame ni ba. Kowa zai iya zama da daddare ya jera sautuka masu daɗin ji guda ɗari uku, ya ce wannan takobi ne, wannan wuta, wannan sarki. A ra'ayina mafi yawan abin da ake kira harshe a littattafan duniyar almara iyakarsa ke nan: sunayen mutane da garuruwa, kalmar gaisuwa, zagi ɗaya ko biyu, sai kirari. Idan aka yi jimla, za ka tarar Turanci ne aka cire kalmominsa aka dasa wasu a gurbinsu, jerin bai motsa ba. Ban ɗauki wannan laifi ba, domin labari ba ya buƙatar fiye da haka. Amma nahawu wani abu ne daban, kuma yana da alamar da ake gane shi da ita.

Wanda ya fi dacewa a gwada wannan a kansa shi ne J.R.R. Tolkien, tunda shi ake kafa hujja da shi. Masanin tarihin harsuna ne, ya yi aiki a babban ƙamus na Oxford wajen 1919 zuwa 1920, daga 1925 kuma ya zama farfesan tsohon Turanci a Jami'ar Oxford. Tun wajen 1915 ya fara rubuta ƙamus na harshen da daga baya ya zama Quenya, ɗaya daga harsunan Elf, wasu halittun almara a labaransa, alhali The Lord of the Rings bai fito ba sai 1954 da 1955. Shi da kansa ya faɗa a wata wasiƙa ta 1955 cewa harsunan ne tushe, labaran an yi su ne don a sama musu duniyar da za a yi magana da su.

Yadda ya yi ginin shi ne abin lura. Bai zauna ya ƙirƙiri Quenya daban, ɗan'uwansa Sindarin daban ba. Ya fara ƙirƙiro kakansu, wato tsohon harshen jinsin Elf, da saiwoyin kalmominsa. Sannan ya tsara dokokin yadda sauti ke sauyawa a bakin kowane reshe cikin dubban shekaru, ya bi da kowace saiwa ta cikin dokokin nan, abin da ya fito a ƙarshe shi ne kalmar. Jerin saiwoyin da ya rubuta wajen ƙarshen shekarun 1930 ɗansa Christopher ya buga shi a 1987.

Ga misali a bi shi daki-daki. Kalmar ɗan Adam a Quenya ita ce atan, jam'inta atani. Ɗafa-ƙeyar -i ce kawai aka ƙara, babu wani abin mamaki. A Sindarin kuwa tilo adan ne, jam'i edain. Wanda ya ga adan da edain kawai zai ce marubucin ya ga dama ne ya murɗa wasula. To ba haka ba ne. Tsohuwar siffar jam'in tana ƙarewa da -i kamar ta Quenya. Doka ta farko a reshen Sindarin: t da ta zo bayan wasali tana laushi ta koma d, shi ya sa atan ya zama adan. Doka ta biyu: wasalin i na ƙarshe yana janyo wasulan da ke gabansa zuwa wajen furucinsa, sai a ta farko ta koma e, ta biyun ta ƙare a ai. Doka ta uku: wasulan ƙarshen kalma suka zube. Wato i ɗin da ta haddasa sauyin ta tafi, ta bar sawunta a cikin kalmar. Haka ainihin man da men suka samu a Turanci, haka kuma harshen Welsh yake yi, wanda a kansa Tolkien ya ɗora sautin Sindarin.

Abin da ya sa na kira wannan nahawu shi ne dokar tana aiki a inda marubucin bai tsaya ya yi bayani ba. Buɗe taswirar littafin. Tudu ɗaya amon ne, kamar Amon Hen, tuddai kuma emyn, kamar Emyn Muil. Aragorn Dúnadan ne, mutanensa Dúnedain. Orch dodo ɗaya ne, da Legolas ya hango su da yawa sai ya ce yrch. Mai karatu da bai taɓa ganin littafin nahawun ba zai iya haɗa waɗannan ya fitar da ƙa'ida, ya yi hasashen jam'in kalmar da bai gani ba, kuma sau da yawa ya dace.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Muna cewa mota da motoci, kaza da kaji, ya sata da ya saci. Babu wanda ya zauna ya yanke cewa t ta koma c ko z ta koma j. Wasalin i ne ke ganɗanta baƙin da ke gabansa, kuma yaro ɗan shekara biyar yana bin dokar ba tare da ya san sunanta ba. Irin wannan karkacewa mai dalili ita ce ke da wuyar ƙirƙira. Sabon maƙirƙiri yakan faɗa ɗaya daga ramuka biyu: ko dai komai ya tafi sumul, jam'i ɗafa-ƙeya ɗaya ce a kowace kalma, ko kuma ya watsa togaciya barkatai don a ce harshen ya yi kama da na gaske, togaciyar da ba ta da asali.

Akwai na biyu da ya fi wannan daɗi, musamman ga wanda ya san Fillanci. A Sindarin baƙin farkon kalma yana sauyawa gwargwadon abin da ya gabace shi. Perian shi ne hobbit, wato ɗan jinsin gajerun mutanen labarin, amma laƙabin da mutanen ƙasar Gondor suka ba hobbit ɗin nan Pippin shi ne Ernil i Pheriannath. P ta koma ph, wato sautin f, saboda ƙaramar kalmar da ke gabanta asalinta in ce. N ɗin ta taɓa p ta sauya ta, sannan ta faɗi. Wanda ya saba jin Pullo da Fulɓe, ko gorko da worɓe, ya san cewa harsunan gaske suna yin haka, ko da yake abin da ke tayar da sauyin a Fillanci daban ne. Kuma rassan biyu suna amsa wa juna: inda tsohon harshen yake da kw, Quenya ta riƙe shi, Sindarin ta mai da shi p. Kalma a Quenya quetta ce, a Sindarin peth, kuma daga saiwar nan aka sami pedo, wato yi magana, da ke rubuce a ƙofar Moria.

Yanzu sai inda nake rabuwa da masu cewa Tolkien ya bar cikakken harshe. Bai bari ba. Zurfin aikinsa yana tsarin sauti da ginin kalma. A nan ya yi nisa sosai: suna a Quenya yana da siffofi wajen goma, cirya jirgin ruwa, ciryanna zuwa jirgi, ciryallo daga jirgi, ciryassë a cikin jirgi, ga kuma ciryat na jirage biyu kamar musannan Larabci. Amma da ka zo ginin jimla sai ƙasa ta yi ƙaranci. Yadda ake sharaɗi, yadda ake saka jimla cikin jimla, yadda ake korewa, duk misalansu kaɗan ne, wasu ma suna karo da juna. Nassi mafi tsawo na Quenya a littafin waƙar bankwanan Galadriel ce, ba ta kai kalma ɗari ba, kuma waƙa ba wurin koyon jerin kalmomi na yau da kullum ba ne. Kalmomin taurari da itatuwa da baƙin ciki sun yi yawa, na ciniki da girki da gardamar cikin gida kuwa sai an tona.

Ga kuma halinsa na rashin barin abu ya zauna. Gaisuwar da Frodo ya yi wa Gildor, elen síla lúmenn' omentielvo, ma'anarta tauraro na haskawa a kan sa'ar haɗuwarmu. A bugun farko kalmar ƙarshe omentielmo ce. Quenya tana bambanta mu da ta haɗa da wanda ake wa magana da mu da ta ware shi, bambancin da Hausa ba ta yi amma Fillanci yana yi. Tolkien ya sake tsara wakilan sunan bayan littafin ya fito, siffar da aka buga ta koma ma'anar da ta ware mai sauraro, sai ya gyara ta a bugu na biyu a tsakiyar shekarun 1960. Haka ya yi ta sauye-sauye har rasuwarsa a 1973. Shi ya sa maganganun Elf da ake ji a finafinan The Lord of the Rings na 2001 zuwa 2003, ban da waɗanda aka ɗauko daga littafi, David Salo ne ya haɗa su, yana cike giɓi da hasashe bisa dokokin sautin. Hasashen yana yiwuwa ne domin dokokin suna nan, amma hasashe ne.

A ɗaya gefen akwai George R.R. Martin, wanda bai taɓa ɓoye cewa shi ba mai ƙirƙirar harshe ba ne. Harshen High Valyrian a littattafansa 'yan kalmomi ne, irin su dracarys da valar morghulis da valar dohaeris. David J. Peterson, wanda ya fara gina harshen Dothraki a 2009 domin shirin talabijin na Game of Thrones da aka ɗauko daga littattafan, shi ya zo ya yi aikin a juye: ya ɗauki ɗan abin da ke akwai ya ƙera nahawun da zai haife shi. An fassara valar da dukkan mutane, alhali kalma ɗaya ce, sai ya yanke cewa harshen yana da adadi huɗu: vala mutum ɗaya, vali mutane, valun 'yan kaɗan, valar dukkansu. Ƙarshen -is da ya maimaitu a aikatau biyun ya mai da shi siffar abin da yake gaskiya a kowane lokaci. Aiki ne mai kyau, kuma ta fuskar iya yin hira da shi ya fi Sindarin cika, tunda 'yan wasa sai sun furta jimloli masu yawa. Sai dai nahawun nan na talabijin ne. Wanda ya koma littafin yana nemansa, abin da zai samu bai wuce layuka kaɗan ba.