Ranar da na ce wa surukina ɓarawo da Faransanci

Ni malamin makaranta ne a Maraɗi, irin waɗanda yara ke kira "mushe". Baƙi daga Najeriya kan zaro ido idan sun ji, don a wurinsu mushe dabba ce da ta mutu ba yanka. To ni dai shekara goma sha ɗaya ina amsa wannan suna da fara'a, ina koyar da Faransanci, kuma a danginmu an yarda cewa ba abin da Bature zai faɗa in kasa mayarwa Hausa. Ni ma na yarda da hakan, kuma a nan matsalar ta faro.

Surukina ɗan kasuwa ne, aya yake saye buhu-buhu daga ƙauyuka yana tarawa a sito. Wata rana ya aiko a kira ni, wai wani Bature ya zo daga Faransa yana son aya mai yawa, za a riƙa loda masa ta bi ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Ana neman tafinta. Na sa babbar rigata ta Juma'a, na soka biro biyu a aljihu, ko da yake ba abin da zan rubuta.

Na tarar zaure ya cika: Alhaji surukina a kan darduma, ƙannensa biyu, limamin unguwa, dillalai, ga yaran sito tsaitsaye a bakin ƙofa. An kawo tuwon shinkafa da farfesun kan rago. Baturen ya naɗe ƙafa da ƙyar, yana ta murmushi. Gaisuwa ta tafi sumul, haka ma maganar nauyin buhu da tsakuwar da ake tsincewa daga aya. Har na fara jin kaina yana kumbura.

Sai aka zo kan takardun duwan, wato kwastan, da shingayen hanya. Baturen ya dubi Alhaji da girmamawa, ya ɗan rusunar da kai, ya faɗi wata magana gajera. Kalmomin duk na san su, ɗan aji uku ma ya san su. Na gyara murya na ce, "Baba Alhaji, ya ce shi hankalinsa kwance yake, don tun daga Yamai aka shaida masa kana da dogon hannu."

Cokalin limam ya tsaya a hanya bai kai baki ba. Wani yaron sito ya sulale waje, na ji ƙyaƙyatarsa daga bayan katanga. Alhaji ya ajiye carbi a hankali ya ce, "Mi ya ce?"

Nan ne mai hankali zai tsaya ya sake tunani. Ni kuwa sai na ɗauka kunnen tsoho ne bai ji ba, na ɗaga murya: "Wai kowa a Yamai ya san kana da dogon hannu, shi ya sa ya zaɓe ka."

Baturen, ganin an yi tsit, ya zaci yabonsa ne ya ratsa mutane, sai ya shiga gyaɗa kai yana ƙara tabbatarwa da hannu.

Alhaji ya sha kunu. Ya ce, "Gaya mashi, shekarata arba'in a kasuwa ban taɓa cin haƙƙin kowa ba, ban taɓa cin amana ba, ban taɓa cin hanci ba. Yau ga shi ya zo har zaurena ya ci mani fuska."

Wallahi a lokacin na riga na rikice, kaina ya zama kamar injin niƙa, abin da aka zuba shi nake fitarwa. Na juya na shaida wa baƙo da Faransanci mai kyau, ba kuskuren nahawu ko ɗaya, cewa Alhaji ya shekara arba'in bai taɓa cinye hancin kowa ba, amma shi yau ya zo ya cinye fuskar Alhaji. Bawan Allah ya dubi kwanon da ke gabansa. Kan rago ne, kuma daidai wajen kumatu yake ɓantara. Ya ajiye cokali, ya ce a ba shi haƙuri, bai san wannan ɓangaren rabon maigida ba ne. Ya tura kwanon gaban Alhaji.

Alhaji ya tambaye ni me hakan ke nufi. Na ce ban sani ba, kuma wannan ce gaskiya ta farko da na faɗa tun da aka fara rikicin.

Abin da ya cece ni shi ne wani dattijo maƙwabci, tsohon tafintan kotu da ya yi ritaya, wanda ya shigo neman limam. Aka zayyana masa. Bai ko dube ni ba. Ya zauna kusa da Bature ya yi masa tambaya ɗaya tak: "Wannan magana da ka faɗa, a garinku wa ake gaya wa ita, kuma a wane hali?" Baturen ya ce ai ana faɗar ta ga mutumin da ya san manya, wanda idan motarka ta maƙale a shinge zai buga waya ɗaya a sake ta. Dattijon ya ƙara tambaya: "Wanda aka faɗa wa, daɗi yake ji ko haushi?" Ya ce galibi daɗi, ko da yake wani lokaci akwai ɗan tsoro a ciki, irin na kada ka taɓa wannan mutum.

Sai dattijo ya juyo ya ce, "Alhaji, cewa ya yi kai mai faɗa a ji ne, kana da hanya wajen manya." Fuskar Alhaji ta saki kamar an kwance ƙulli. Ya ce, "To, wannan kam ba ƙarya ya yi ba." Da aka bayyana wa Bature cewa a Hausa mai dogon hannu ɓarawo ne, sai da kunnuwansa suka yi ja. Hannu ɗaya ne, tsawo ɗaya, amma Bafaranshe ya hango shi yana kaiwa ofishin minista, Bahaushe ya hango shi yana kaiwa aljihun maƙwabci.

Da aka tashi, dattijon ya riƙe ni a ƙofa. Na zaci faɗa zai yi, sai na ga koyarwa yake so. Ya ce, "Ɗana, ai maganar da kanta ta yi maka ihu, kai ne ba ka ji ba. Mutum ya zo neman ciniki, yana cin abincin maigida, yana murmushi, sannan ya ce masa ɓarawo? Duk lokacin da kalmomi suka fito daidai amma ba su dace da zaman da ake ciki ba, tsaya, akwai wata ma'ana a ƙarƙashi." Ya ce in gwada sauya kalma ɗaya in gani. Idan tsawon hannu ake nufi da gaske, ana iya cewa hannunsa ya fi nawa da taƙi ɗaya, maganar ta zauna. Amma ba wanda zai ce ɓarawon nan hannunsa kamu biyu ne, wancan kamu ɗaya da rabi. Maganar da ba ta karɓar awo, ba ta karɓar musanya, to dunƙulalliya ce, a dunƙule ake ɗaukarta. Haka "farin jini" yake: ka ce "jan jini" ka ga ko wani zai gane kana maganar wanda mutane ke so.

Na koma gida na ɗauko ƙamusuna na Larousse, wanda ƙura ta rufe saboda na daɗe da ganin na fi ƙarfinsa. Sai da na sha wuya kafin na samo maganar, don Faransanci kalma biyu gare shi inda mu muke da "hannu" ɗaya: akwai ta tafi da yatsu, akwai ta daga kafaɗa zuwa wuyan hannu. Na ɓata minti ashirin a ƙarƙashin ta farko. Tana ƙarƙashin ta biyu, can ƙasa bayan an gama ma'anoni na zahiri, inda ake jera maganganun da suka ginu a kan kalmar. Shekara goma sha ɗaya ina karanta layin farko na kowace kalma ina rufe littafi, ashe dukiyar a gindi take. Kuma ƙamusun da ke bayyana Faransanci da Faransanci ne ya yi mini amfani, don ɗan ƙaramin nan mai jera kalma da takwararta ba abin da zai ce mini sai hannu, sai dogo.

Sanin ma'ana kuwa rabin aiki ne, saura zaɓen rigar da za a sa mata a Hausa. Na kwana ina juya abin. Da dattijo ya ce "yana da ɗaurin gindi", da wani sabon rikicin ne, don wannan da mai laifin da ake karewa ya fi dacewa. Da ya ce "yana da uwa a gindin murhu", da ya mayar da Alhaji yaron wani, alhali Bature shi yake gani a matsayin uwar. "Mai faɗa a ji" ce kaɗai ta ɗauko yabon ba ta zubar da girman ba. Ita kuwa cin fuska, ashe Faransawa ma suna da fuskar a tasu maganar, sai dai su ba sa cin ta, sa mutum suke yi ya rasa ta. Da na canza aikatau ɗaya kawai, da baƙo ya gama cin kumatun ragonsa lafiya.

Washegari aka zauna kan farashi, kuma abin mamaki aka sake kira na, ina jin don dattijo ya tafi ƙauye ta'aziyya. Alhaji ya faɗi kuɗin buhu. Bature ya riƙe kai ya ce wannan farashi zai ci masa idanun da ke kansa. Bakina har ya buɗe zai sanar da zaure cewa baƙo na shirin biya da ƙwayar ido, sai na kama shi. Na tambaye shi a wane hali ake faɗar haka, ya ce idan abu ya yi tsada ƙwarai. Na juya da natsuwa na ce, "Baba Alhaji, ya ce ayar ta yi ɗan karen tsada."

Alhaji ya yi dariya ya rage kaɗan. Baturen, wanda ya fara tsintar Hausa a bakin direbansa, ya jawo hannun rigata ya raɗa mini: ya ji na ambaci kare, ina ruwan kare da cinikin aya? Na ce masa ya bari kawai, ɗan kwikwiyo ne, ba ya cizo.

An yi cinikin. Alhaji ya yafe mini, har ya ba ni rabin buhun aya ladan tafinta. Yaran sito ne ba su yafe ba. Har yau idan na bi ta kasuwa sai in ji daga nesa, "Mushe Dogon Hannu, ina kwana!" Makon jiya a tasha wani ya kira ni haka, na amsa ba tare da tunani ba. Mutumin da ke zaune kusa da ni a benci ya dube ni sama da ƙasa, ya zare wayarsa daga aljihun da ke gefena ya mayar ɗaya aljihun, sannan ya ɗora hannu a kai.