Fenariti cikin babbar riga

Jama'a kafin masu ƙarin gishiri su riga ni, bari in ba da labarin da bakina. Da farko dai barka ga yaran sukurunmu na Aboabo a nan Kumasi da suka ɗauko kofin lig na makarantun yankinmu bana, barka ga Koci, Allah ya ƙara basira. Wanda bai bi lig ɗin ba, kafin wasan ƙarshe muna da maki 30, waɗancan na hayin titi suna da 29, kuma da su za mu kara. Mu kunnen doki ya ishe mu, su sai sun ci. Ana 1-1 saura 'yan mintoci alkalin wasa ya ba su fenariti, kyaftin ɗinsu ya buga, golanmu ɗan shekara 14 ya faɗi dama ya ture. Muka tashi da 31 su 30. Da ta shiga da su ke da 32 kofi ya tsallaka titi.

Kuma ba sa'a ba ce, don na tambayi Koci. Kun san shi tichan lissafi ne, ashe yana da wani tsohon littafi da yake shiga da shi kallon wasannin sauran makarantu, duk wanda ya buga fenariti sai ya rubuta ƙafar da ya buga da ita da gefen da ya aika. Kyaftin ɗin nan da dama yake bugu, kuma duk fenaritin da ya buga bana hannun daman gola ya kai. Bayan haka Koci ya koya wa golanmu kada ya kalli idon mai bugu don ido na ƙarya, ya kalli ƙafar da zai dasa kusa da bol, inda yatsunta suka nuna galibi can za ta, kuma kada ya yi saurin faɗuwa, ƙafa ɗaya ta zauna kan layi har a buga in ba haka ba ko ya kama sai a maimaita. Ku riƙe wannan, zai dawo kaina.

To ranar Litinin Hedimasta ya ce kwamitin iyaye su zo asambuli a taya yara murna, ciyaman ya tafi Tamale biki, sai ni mataimaki. Na sa babbar rigata ta Sallah, na hau firagiya da bol sabuwa da sobolo kula guda, na isa aka ba ni makirfo. Jawabi wallahi ya yi kyau, ku tambayi kowa. Na ce musu a garin nan Baba Yara ya yi suna har babban filin wasa ke ɗauke da sunansa, na ce Kotoko ta ɗauko kofin Afirka a 1970 da Robert Mensah a raga, ta sake ɗaukowa a 1983, na ce golanmu yana kan hanya. Aka yi tafi. Daɗin tafin ne ya ja ni na ƙara da cewa mu ma a zamaninmu a filin sakora ɗin nan ba mu taɓa zubar da fenariti ba.

Sai na ji murya daga baya, "To a ba shi bol mana!"

Ba sai na faɗi suna ba, Alhajinku ne na Magazin mai sayar da kayan mota. Mutumin da ko ɗa ba shi da shi a sukurun, mutumin da ya tashi a mitin tun farkon zango ya ce shi zai ɗinka wa yara jesi saiti biyu har aka yi masa kabbara, yau lig ya ƙare yara da rigar aro suka ɗauki kofi, lamba 7 ma da maka aka rubuta ta. Duk ruwan leda da yaran suka sha a lig ɗin nan daga aljihun Koci ya fito, kuɗin mota kuma karo-karo muka yi sidi ashirin-ashirin, shi Alhaji kullum "ina zuwa, kaya na Tema ba su fito ba". Amma ranar hoto shi ne a gaba ya rungume kofi. Kuma ɗan Hearts ne, a Kumasi, ku duba min wannan. Tun wata rigima da muka yi a kan kujera a wani suna yake jira na.

Yara suka ɗauka, "Kawu! Kawu! Kawu!" Hedimasta maimakon ya kashe maganar sai ya ce ai wannan zai ƙarfafa yara. Koci ya matso ya ce min a hankali, "Alhaji ko a kawo maka kambas?" Na ce bar shi Ticha, ai ƙafa ce ke bugu ba takalmi ba.

Koci ya auna taku goma sha biyu ya ajiye bol ɗin da ni na saya da kuɗina. Raga faɗinta ya wuce mita bakwai, amma da na tsaya sai na ga duk yaron ya cike ta. Ya ɗan rusuna ya ce, "Kawu a yi haƙuri fa." Tun ban buga ba yana ba ni haƙuri. Na naɗe hannun riga kan kafaɗa, na ja baya, na kafa ido a hagunsa don in yaudare shi, na lura shi ko kallon fuskata ba ya yi, ƙafata kawai yake kallo kamar mai jiran canji. Nan na tuna maganar Koci, sai na ce bari in nuna yatsu gefe ɗaya in buga ɗaya gefen. A guje. A shekaruna. A kan tsakuwa.

Na taho, hannun riga na dama ya zamo, na kai hannu in mayar, ƙafar hagu ta dasu tana kallon wani wuri, gwiwa tana kallon wani wuri, ƙafar dama ta shuri ƙasa kafin ta sami bol. Takalmina ya tashi sama. Wallahi shi ya fi bol gudu, ya wuce saman raga ya faɗa kusa da teburin Hajiya mai koko, ita kuwa bol ta gangara a hankali, a hankali, har yaron ya sami lokacin tsugunawa ya ɗauke ta da hannu ɗaya. Ni lokacin ina zaune a ƙasa, ban san yadda aka yi na zauna ba, hula ta rufe min ido ɗaya, jar ƙasa har cikin aljihu. Filin ya yi tsit, sai wata 'yar aji ɗaya ta ce "Ayya Kawu", shi ke nan aka fashe, har tichoci mata suna riƙe juna.

Alhaji ya ce ko Asamoah Gyan a 2010 ai ya daki ƙarfen raga. Ya maimaita ta har ya ga kowa ya ji.

Abin da ya fi ci min rai shi ne Koci, mutumin kirki, wai zai gyara, ya ɗaga ni yana kaɗe min riga yana ce wa yara, "Kun gani ko, ƙafar dashe ta yi nisa da bol, jiki ya koma baya, shi ya sa." Wato na zama darasi. Golan kuma ya kawo min takalmi da hannu biyu, da ladabi, igiyar ta tsinke.

Ni dai har yanzu ina cewa filin ne, tun yaushe muke cewa a zuba yashi a wurin. Sobolon ma ko kofi ɗaya ban samu ba, an ce Alhaji ya sha biyu. Wanda ya ɗauki bidiyo na san shi, na san babansa. Kula ta kuma tana ofishin Hedimasta, wanda zai bi ta wajen ya taho min da ita don ni ba na jin zan leƙa sukurun a satin nan.