Ranar da na toshe kowa, har da ni

Waɗanda suka san ofishinmu sun san wanda nake nufi idan na ce Sarkin Ai-na-faɗa, don haka ba sai na yi bayani ba. Shi ne ya fara ganin abin da na yi wa sabarmu a watan da ya wuce, kuma har yau bai daina ba da labarin ba. Gara ku ji daga bakina.

A taƙaice, 'yan gwada kalmar sirri sun addabe mu, na tattara adireshinsu guda 43,000, na rubuta ɗan madauki da ke bi ɗaya bayan ɗaya yana cewa `iptables -I INPUT -s` wane `-j DROP`. Da farko yana gudu, can ya koma tafiyar hawainiya, domin tsohon iptables, manhajar da ake ba katangar tsaro dokoki da ita, duk doka ɗaya da za ka ƙara sai ya kwaso teburin gaba ɗaya daga cikin tsarin, ya ƙara layinka, ya mayar. Teburin na girma, wahalar na ƙaruwa. Da ya gama, sai shafin ya fara nishi. Na buɗe `top` don in ga abin da ke cin ƙarfin sabar, na ga `ksoftirqd`, mai ɗaukar aikin fakiti idan sun yi yawa, zaune a sama ya miƙe ƙafa, lambar `si` da ke auna irin wannan aikin kuma ta yi tashin gwauron zabi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Katangar tsaro tana karanta dokoki ne daga sama zuwa ƙasa, kuma wanda ya fi shan wuya shi ne mutumin kirki. Ɓarawo wataƙila a same shi a layi na ɗari a yar da shi, amma fakitin mai gaskiya sai an gwada shi da duka 43,000, an tabbatar ba ya ciki, kafin a ce ya wuce. A lokacin da muke samun fakiti 20,000 a daƙiƙa, gwaji miliyan 860 ke nan kowace daƙiƙa. Sarkin Ai-na-faɗa ne ya yi wannan lissafin, da babbar murya, a kan allon ofis, har da ja masa layi biyu.

Na haɗiye. Na koma gida na karanta ipset har tsakar dare, don na yi niyyar ramawa.

Dabarar kyakkyawa ce, ko a yanzu da nake jin haushi ba zan yi mata ƙarya ba. Maimakon doka dubu arba'in, doka ɗaya tak za ka rubuta, ta nuna wani kundi da ke gefe. Kundin nan ba bin sa ake yi layi-layi ba. Ana ɗaukar adireshin a yi masa ɗan lissafi, lissafin ya nuna aljihun da ya kamata a same shi, a leƙa wannan aljihun kaɗai. Ko adireshi ɗari ne a ciki ko dubu ɗari, aikin kusan ɗaya ne. A nau'in `hash:net`, abin da ke ƙara aiki shi ne yawan girman zango daban-daban da ka zuba, wato /32 da /24 da /16 da sauransu, domin kowane girma ana leƙa masa sau ɗaya. Ko duka ka haɗa, leƙe talatin da biyu ne iyaka.

```
ipset create toshe hash:net maxelem 200000
iptables -I INPUT 1 -m set --match-set toshe src -j DROP
```

Na share tsofaffin dokokin, na zuba 43,000 ɗina a kundi, `ksoftirqd` ya koma barci. Da a nan na tsaya, da yau ni ke ba da labarin wani. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Tunda yawa ya daina zama matsala, sai na sauko da wani jerin miyagun adireshi daga intanet, na haɗa da nawa, suka kai 71,000. Gwajin farko ma sai da ipset ya ƙi, ya ce `Hash is full, cannot add more elements`, saboda na manta `maxelem` a sabon kundin, kuma idan ba ka faɗa ba, 65536 ne iyakarsa. Yanzu na gane dama ce aka ba ni in buɗe fayil ɗin in duba abin da ke ciki. Ban duba ba. Na ɗaga lambar kawai, na ji ni gwani ne.

Washegari na tara mutane. Eh, ni na tara su, ba wanda ya tilasta ni. Oga yana nan, Sarkin Ai-na-faɗa yana nan ya harɗe hannu, yaron da ke koyon aiki yana nan da littafinsa. Na jona kwamfutata a babban allo, na ƙara girman rubutu don kowa ya gani da kyau. Na yi musu bayanin yadda ake sabunta jeri ba tare da an bar ƙofa a buɗe ba: ba ka taɓa kundin da ke aiki, sai ka gina sabo a gefe daga fayil, ka musanya su a ƙiftawar ido, ka zubar da tsohon. Sharaɗin kawai su zama nau'i ɗaya.

```
ipset -exist restore < jeri.txt
ipset swap toshe_sabo toshe
ipset destroy toshe_sabo
```

Layin farko ya gama kafin in sauke hannu. Na juya na dubi Sarki, na ce, "Malam, dubu saba'in da ɗaya ke nan fa." Bai ce komai ba. Na rubuta layi na biyu, na ɗaga yatsa sama kamar mai shirin yanka igiyar buɗe sabon gini, na danna Enter.

Abin da ya fi min ciwo shi ne sabar ta amsa. Alamar jiran umarni ta dawo lafiya lau, domin abin da ke fita daga sabar ba a hana shi ba. Har na ce, "Kun gani? Ko motsi ba ta yi ba." Wallahi haka na faɗa. Sai na fara rubuta `ipset list -t toshe` don in nuna musu adadin. Harafi ko ɗaya bai fito ba. Na sake dannawa. Shiru. Na danna Enter sau uku, na huɗun da ƙarfi, kamar ƙarfin yatsa ne matsalar. Na duba wayar intanet ɗin kwamfutata, na cire na mayar. Na ce, "Hanyar sadarwar ofishin nan dai sai a hankali." Yaron nan, Allah Ya shirye shi, ya ɗago kai cikin ladabi ya ce, "Yallaɓai, tawa tana yi."

Sai wayar Oga ta yi ƙara. Sai ta tebur. Sai wata daga sashen kuɗi ta leƙo ta ce shafin ya tsaya. Ni kuwa ina tsaye gaban allo, manyan haruffan da na ƙara wa girma da hannuna suna kallona, gumi yana bin bayana duk da sanyin na'ura. Oga bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "To, injiniya, muna jinka."

Sarki kuma ya jawo kujera ya zauna. Wannan zaman ne ban yafe ba. Mutumin da ko taron minti biyar ba ya iya zama, ranar ya gyara zama har da ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Wannan fa shi ne wanda ya taɓa goge teburin bayanai sukutum ya ce gwaji yake yi, na rufa masa asiri. Shi ne wanda cajata take wurinsa tun bara, kullum sai ya ce tana mota. Ya ce, "Ai na faɗa, nftables ake yi yanzu." Bai taɓa faɗa ba. Kuma ko ya faɗa, ba abin da zai canza. Gaskiya ne nftables, magajin iptables, yana da kundinsa a cikin gida, ka sa masa `flags interval` ya karɓi zango, ka ƙara `auto-merge` don kada ya yi ƙorafi idan zango ya hau kan zango, kuma `nft -f` yana loda fayil gaba ɗaya a tashi guda ko ya ƙi gaba ɗaya. Amma gubar da na zuba, shi ma da haka zai haɗiye ta ba tambaya.

Na ɗauki allon rubutu na nufi ɗakin sabar, yaron yana biye da ni da ƙaramin allo a rungume. Na tsuguna a bayan akwatin ƙarfe, na shiga kai tsaye, na tambayi kundin ko ya san ni:

```
ipset test toshe 10.20.0.15
grep -n ' 10\.' jeri.txt
```

Ya ce ina ciki. Layi na biyu ya nuna min mai laifin: `10.0.0.0/8`. Jerin da na sauko da shi an yi shi ne don bakin iyaka, inda fakitin da ya taho daga intanet ɗauke da adireshin cikin gida lalle na bogi ne, shi ya sa suka sa zangon cikin gida a ciki. Mu kuwa duk ofishin a kan 10.20 muke. Layi ɗaya, adireshi sama da miliyan 16, har da ni, da Oga, da sabar bayanai, da mai fassara sunaye.

Kuma ni na ƙara wa wutar fetur da `-I INPUT 1` ɗin nan. Na ɗora dokar a saman wadda ke barin haɗin da aka riga aka ƙulla ya wuce, wato mai `ESTABLISHED`. Shi ya sa SSH ɗina, wato haɗin da nake shiga sabar da shi daga nesa, ya mutu nan take, shi ya sa kuma sabar take tambayar rumbun bayanai, amsa ta taho, katanga ta yar da ita a bakin ƙofa. Da dokar tana ƙasa, da aƙalla tagar da nake ciki ta rayu na gyara a zaune, ba a tsugune ba.

Tunda ban kai ga `destroy` ba, tsohon jerin yana nan a ƙarƙashin sunan `toshe_sabo`. Na sake `swap`, komai ya dawo. Minti goma sha ɗaya, in ji Sarki, wanda ashe yana duba agogo. Daga baya na mayar da babban jerin, na keɓe mu:

```
ipset add toshe 10.20.0.0/16 nomatch
```

Kundin yana fara dubawa ne daga ƙaramin zango zuwa babba, don haka zai ci karo da /16 ɗinmu mai cewa a ƙyale kafin ya kai ga /8.

Na tafi gida ina ganin an wuce wurin. Ƙarfe biyun dare aikin `cron` da na saka don ya riƙa gudu da kansa ya tashi, ya gina sabon kundi daga fayil, ya musanya, ya zubar da tsohon, tare da `nomatch` ɗina da na ƙara da hannu ban rubuta a fayil ba. Da asuba wayata ta tashe ni.

Yanzu layin yana cikin fayil, `10.0.0.0/8` ana tace shi tun kafin lodi, kuma rubutun ba ya yin `swap` sai ya gwada adireshina da na sabar bayanai a `toshe_sabo` ya ga ba ma ciki. Yaron ya ce ya rubuta komai a littafinsa, na ce ya nuna min, ya ce ya bar shi a gida. Cajata dai har yanzu tana mota.