Ba duk layin da ya karye ba ne mawaƙi yake kuka a ciki

Jiya da daddare ƙanwata da ke aji biyu a jami'a, sashen Turanci, ta turo min hoton asamen ɗinta wai Yaya don Allah duba min kafin in kai. An ce su yanka layukan waƙar Turanci su nuna inda nauyin murya yake faɗawa, su kuma faɗi me karyewar kari ke nunawa. Wallahi duk layin da ta ga bai zauna daidai ba sai ta rubuta a gefe "wannan ya nuna mawaƙin yana cikin baƙin ciki". Sau bakwai ta rubuta haka a shafi ɗaya! Na ce ke Auta, wannan mawaƙin naki zaman makoki ya je ne? Ta ce ai haka yake a handawut. To a nan ne raina ya ɗan sosu, shi ya sa nake wannan rubutun, don ni a ganina ana cutar yaranmu da wannan haddar.

Shi ayambik, karin waƙar Turancin nan, ba wani dodo ba ne. Gaɓa biyu ce, ta farko mara nauyi ta biyu mai nauyi, da-DAM, su biyun a haɗe ake kira ƙafa ɗaya. In aka jera biyar a layi ɗaya sai a samu gaɓa goma, da-DAM da-DAM da-DAM da-DAM da-DAM, shi ne fentamita ɗin da Shekspiya ya rubuta mafi yawan wasanninsa da shi. In aka juya ta koma DAM-da, ita ake kira turoki.

Matsalarmu mu Hausawa kunne ne. Waƙarmu rubutacciya da tsawon gaɓa ake auna ta, doguwa da gajera, irin arulin da aka ɗauko daga Larabci, su Kamil da Wafir da Rajaz. Shi kuwa Bature ba ruwan karinsa da tsawon gaɓa, abin da yake ji shi ne wace gaɓa aka fi dannawa. Shi ya sa ɗalibinmu in ya ga gaɓa mai cike da baƙaƙe sai ya ɗora mata alama, alhali wata 'yar gajera a gefenta ita ke ɗauke da kayan. Amma akwai dabara a bakinmu da ba a gaya mana a aji. Kalmomin da kakanninmu suka ara daga Turanci, galibi inda Bature ya danna nan Bahaushe ya ɗaga murya. Faɗi mota, soja, tebur, gwamna: sama sannan ƙasa, MO-ta, SO-ja, turoki ke nan. Yanzu faɗi siminti: farkon yana ƙasa, sai MIN ya hau, si-MIN, ga ayamb ɗinka nan. Sai dai a lura, simintin Bature gaɓa biyu ne, mu muka ƙara masa wasali ya zama uku, kamar yadda muka yi wa direba. Wannan ƙarin wasalin shi ke sa yaro ya ƙirga goma sha biyu a layin da ke da goma, ya ce kari ya karye, alhali bakinsa ne ya ƙara gishiri.

Sai na ce mata rufe handawut, mu ɗauki wuri ɗaya mu bi shi a hankali, ƙarshen wasan Sarki Liya na Shekspiya. Tsoho ne ya haura tamanin, ya raba ƙasarsa ga manyan 'ya'yansa mata biyu ya kori autarsa Kodiliya don ta ƙi yi masa daɗin baki, manyan suka wulaƙanta shi, autar ta dawo ta taimake shi, aka kama su, aka rataye ta a kurkuku. Ya shigo ɗauke da gawarta. Zan rubuta layukan yadda muke furta su don kunne nake so ya yi aiki, masu lafazin Landan ku yi haƙuri, manyan baƙaƙe su ne inda nauyi yake.

WAI shud e DOG, e HOS, e RAT hab LAIF

Wato don me kare da doki da ɓera za su rayu. Yadda ake yi, ka fara karanta layin kamar magana kake, ba kamar karatun allo ba, kar ka tilasta masa da-DAM tun daga farko. In akwai kalma mai gaɓa biyu ko fiye, da ita za ka fara don nauyinta a daskare yake, ƙamus ma yana sa ɗan karan tsaye kafin gaɓar da ake dannawa. Nan duk kalmomin gaɓa ɗai-ɗai ne, to sai ka nemi masu ɗauke da ma'ana, sunaye da aikatau, su ne kan ɗauki nauyi, ƙananan kalmomin haɗi su kan kwanta. Kare, doki, ɓera, rai, duk sun faɗa a gurbi na huɗu, shida, takwas, goma, daidai wa daida. Ƙafar farko kaɗai ce ta juya, WAI shud. Auta har ta ɗauki biro za ta rubuta baƙin ciki na ce tsaya! Juyar da ƙafar farko abu ne da ya cika waƙar Turanci maƙil, a layin soyayya akwai shi, a layin da ake kwatanta gona akwai shi, don mutum ya ɗan huta a ƙarshen layin baya sai ya shigo da ƙarfi. Wanda ya yi aruli zai gane nan take, kamar zihafi ne, mustaf'ilun ya koma mutaf'ilun a Rajaz, malami ba zai ce baiti ya karye ba balle ya ce sha'irin kuka yake. Sassauci ne da ka'idar kanta ta bayar.

and ZAU no BRES at OL? zault KOM no MO

Ke kuma babu numfashi ko kaɗan, ba za ki sake dawowa ba. Kar ka ce bi-res, gaɓa ɗaya ce. Ƙirga: goma cif, nauyi a biyu, huɗu, shida, takwas, goma. Ku duba fa, mutum riƙe da gawar 'yarsa, layi mafi ciwo da uba zai iya faɗa, amma kari bai motsa ba ko kaɗan. Wannan kaɗai ya rushe handawut, don in karyewa ce alamar baƙin ciki ai nan ya kamata komai ya tarwatse. Ɗan wasa dai yana da zaɓi, zai iya danna "no" ɗin nan ma ya zama NO BRES, nauyi biyu a ƙafa ɗaya, layin ya yi jinkiri kamar ƙafa a cikin taɓo. Rubutun ya ba shi dama, bai tilasta masa ba, shi ya sa mutum biyu masana za su yanka layi ɗaya daban kuma ba wanda ya faɗi, matuƙar ba su murɗe nauyin kalma mai gaɓa biyu ba.

Sai wannan ya biyo:

NE-ba, NE-ba, NE-ba, NE-ba, NE-ba

Kalma ɗaya, har abada, sau biyar. Gaɓa goma ce har yanzu, ma'aunin bai ƙaru ba bai ragu ba, amma kowace ƙafa ta juya baya, turoki biyar a jere. Kuma ba zaɓin ɗan wasa ba ne wannan karon, kalmar nauyinta a gaba yake, ba ka da yadda za ka ce ne-BA sai dai ka zama abin dariya. Ga abin da ke faruwa a kunne: layin baya ya ƙare da nauyi, MO, wannan ya fara da nauyi, NE, biyun suka yi karo, dole ka ɗan tsaya a tsakani. Sannan awa kusan uku kana zaune kana kallon wasan kunnenka ya saba da muryar da ke hawa, tana tafiya tana sauka kan gaɓa mai ƙarfi, yanzu sai ga murya tana faɗowa sau biyar, kowace ta fara da ƙarfi ta mace, layin ma ya ƙare a kan gaɓa mara nauyi, ba inda za ka dafa. Wannan ita ce karyewar da ta cancanci a yi magana a kanta, don ta yi yawa, ta zo inda ba a saba ba, kuma ta faɗa daidai kan kalmar da ke ɗauke da abin da tsohon ya kasa haɗiyewa.

Duk da haka ni ban yarda a ce turoki biyar "yana nufin" baƙin ciki ba. Ɗauki kalmar nan ka sa a bakin yaro mai taurin kai da aka ce ya ba ƙaninsa alawa, kari ɗaya ne, ma'ana ta koma rigima. Karyewar aikinta ta ja kunnenka ta ce duba nan, wani abu ya fi ƙarfin mai magana. Ko fushi ne ko tsoro ko murna ko ruɗewa, wannan kalmomin ne da halin da ake ciki za su gaya maka. Wani abin sha'awa, a bugun wasan na 1608 sau uku kawai kalmar ta zo, sai a babban kundin 1623, bayan rasuwar Shekspiya da shekara bakwai, ta zo sau biyar ta cika layi guda ita kaɗai. Gwada karanta ukun da biyar ɗin da baki, ukun kamar magana ce, biyar ɗin kuwa wajen ta huɗu numfashinka ya fara ƙarewa.

Abin da ya fi taɓa ni ma layin da ke bayansa ne, inda yake roƙon wani ya ɓalle masa maɓalli ya kuma ce na gode. Ƙafar farko ta juya kamar yadda aka saba, sauran huɗun suka koma da-DAM lafiya lau. Kari ya dawo hayyacinsa a kan maganar maɓallin riga, tsoho mai ladabi yana godiya, layi biyu bayan nan ya cika. In ba ka yanka wanda ke gaba da wanda ke baya ba, ba za ka ji girman faɗuwar da ke tsakiya ba, shi ya sa nake jin haushin tambayar jarabawa da za a ciro layi ɗaya tilo a ce faɗi yanayin mawaƙi.

Auta dai ta goge shida cikin bakwai ɗin nan, huɗu juyin ƙafar farko ne kawai, biyu kuma wasalin da ta ƙara da bakinta ne. Na bakwan muka yi ta musu har ƙarfe sha biyu, ita ta ce nauyi biyu ne a jere ni na ce ɗaya ne, ta karanta min a waya sau uku, a na ukun na fara jin abin da take ji, na ce ta bar shi yadda ta sa amma ta rubuta dalilinta a ƙasa.